Zai Aure Ni, Amma Ya Ce Ya Gama Haihuwa

Assalamu alaikum Anti. Ni malamar firamare ce a Tudun Wada, Zariya, shekarata 33, ban taɓa aure ba. Wanda zai aure ni shekararsa 46, yana aiki a Samaru. Matarsa ta rasu wajen haihuwa shekara uku da suka wuce, jini ne ya ɓalle mata, ta bar masa 'ya'ya huɗu. Mutumin kirki ne, yaransa sun saba da ni, autar ma har kuka take yi in zan tafi. An kawo kuɗin gaisuwa, an sa rana wata huɗu masu zuwa, lefe kawai ake jira. Sai makonni uku da suka wuce ya ce min shi fa ya gama haihuwa, huɗun nan sun ishe mu, in ɗauke su nawa. Mama ta ce in yi shiru in shiga, in ciki ya shiga ya zai yi da shi? Ƙawata ta ce in amsa masa da baki, in riƙa zubar da ƙwayoyin. Ni kuwa ina son shi, kuma ina son in ga ɗan cikina. In fasa ko in shiga?

Ƙanwarki daga Tudun Wada

Wa alaikumus salam, ƙanwata.

Kafin komai, ki sa a dakatar da kawo lefen nan. Ba cewa na yi ki fasa yau ba. Amma da zarar akwatuna sun shigo gida, 'yan'uwa da maƙwabta sun zo sun gani, an fitar da anko, bakinki zai yi nauyi, kuma kunya ce za ta yanke miki hukuncin da ya kamata hankalinki ya yanke. Ki samu kawunki ko wanda zai yi miki walicci, ki ce akwai maganar da ba ku gama ba, a ba ki makonni shida. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Mutumin nan ya yi miki adalci guda ɗaya: ya faɗa miki tun kafin a shafa fatiha. Da yawa sai amarya ta tare take jin wannan magana. Tunda ya faɗi gaskiya, ki girmama ta ta hanyar yarda da ita. Mu mata muna da wani hali, in namiji ya ce a'a a kan abin da muke so, sai mu fassara shi da “ba yanzu ba”. Wani lokacin fassarar daidai ce, wani lokacin kuwa ita ke cinye mana shekarunmu. Aikinki a makonni shidan nan shi ne ki gano wace irin a'a ce tasa.

Ni abin da na hango, tsoro ne ke magana da bakinsa. Namijin da ya kai matarsa haihuwa da ƙafarta, ya dawo da jaririya a zani ba uwa, ba ya fita daga wannan daren da sauƙi. Maza ba su cika cewa “ina tsoro” ba. Sai su ce tsadar rayuwa, su ce kuɗin makaranta, su ce huɗu sun isa. Amma hasashena ne, ban zauna da shi ba. Ke za ki zauna da shi, ba a waya ba, ba kuma a zaure yara na shige da fice ba. Kada ki tambaye shi “me ya sa ba ka so”, domin zai maimaita miki abin da ya riga ya shirya. Ki ce masa, “Malam, da a ce yau na zo na ce maka ina da ciki, me zai fara faɗo maka a rai?” Sai ki yi shiru. Ki bar shirun ya yi tsawo, kada ki cike masa shi. In ya ce kuɗi, wannan magana ce ta lissafi, ke ma kina da albashi, ana iya zama da biro da takarda a ce ɗaya ko biyu, da tazara. In idonsa ya kawo ruwa ya ambaci marigayiya, kin san inda ciwon yake. In kuwa ya dube ki cikin natsuwa ya ce shi ya gaji, ya yi renon jarirai shekara ashirin, ba ya son ya kai sittin yana kai yaro firamare, to wannan ra'ayi ne da ya nuna, ba rauni ba ne da zai warke.

In tsoron ne, akwai abin yi. Ku je tare ku ga likitan mata, ko a Asibitin Koyarwa na Shika ko a Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, ya faɗi abin da ya faru da bakinsa, ya ji bayani da kunnensa. Zubar jini bayan haihuwa yana cikin manyan abubuwan da ke kashe mata a ƙasar nan, kuma mafi yawan lokuta sanadinsa mahaifa ce ta kasa tsukewa bayan ɗa ya fito, ko wani ɓangare na mabiyiya ya maƙale, ko an samu yagewa. Yawan haihuwa, doguwar naƙuda da ƙarancin jini tun lokacin goyon ciki duk suna ƙara haɗarin, jinkirin isa asibiti kuma shi ke mayar da haɗari ya zama rashi. Abin da ya sami marigayiya ya shafi jikinta da yanayin ranar, ba abu ne da miji ke ɗauka ya kai wa mata ta gaba ba. Ke cikin fari za ki yi, abin da aka fi sa wa ido a cikin fari shi ne hawan jinin masu ciki wanda ke kai wa ga jijjiga, kuma awo a kan lokaci na kama shi. Ana iya tsara komai tun wuri: fara awo da wuri, shan maganin ƙarin jini, haihuwa a asibitin da ke da ma'ajiyar jini da ɗakin tiyata, da tanadar wanda zai ba da jini tun kafin watan haihuwa ya kama. Ba likitan da zai ba shi tabbacin rai, wannan na Allah ne. Amma akwai bambanci tsakanin mutumin da ke tsoron duhu da wanda aka kunna masa fitila ya ga girman ramin. Ku yi gwajin jini na sikila a wannan zuwan in ba ku yi ba, don kada ku gama wannan muhawara ku tarar da wata a gaba: in ku biyun AS ne, kowane ciki yana da kashi 25 cikin 100 na zuwa da SS.

Yadda za ki gane ya sauko da gaske ba wuya. Wanda ya sauya ra'ayi yana kawo lokaci da adadi, ya ce bayan shekara ɗaya, ya ce ko da guda biyu ne, kuma ya yarda ya maimaita haka a gaban waliyyinki da nasa. Wanda kawai yake tsoron ki kuɓuce masa zai ce “a bar wa Allah”, “mu shiga tukuna”, “za mu gani”. Komai na Allah ne, wannan ba gardama. Amma wanda ya ce a bar wa Allah alhali yana shirin kai ki a yi miki allura, ai bai bar wa Allah ba. Ki tambaye shi kai tsaye, “Daren da na tare, za mu yi amfani da wani abu na hana ɗaukar ciki ko ba za mu yi ba?” Na san da nauyi budurwa ta furta wannan. In bakinki ba zai iya ba, ki rubuta masa, ko ki sa yayarki mai aure ta tambaya a madadinki.

Ki kuma lura da jikin wa za a yi aikin. In kin amince da sharaɗinsa, kusan tabbas ke ce za ki riƙa zuwa asibiti duk wata uku a yi miki allura, ko a sa miki ashanar hannu ta shekara uku ko biyar, ko ki riƙa haɗiyar ƙwaya kullum. Ki hango kanki a kan benci a sashen tazarar haihuwa, kina jiran layi, a gefenki mata da goyo suna gyara zani, ɗaya ta miƙo miki jaririnta ta ce riƙe min in shiga. Su sun zo hutawa ne tsakanin haihuwa da haihuwa. Ke kin zo toshe abin da kike roƙo a sujada. Sau huɗu a shekara. In zuciyarki ta ce za ta iya, ki saurare ta. In kin ji ƙirjinki ya yi nauyi tun daga karanta wannan, shi ma amsa ce.

Ta fuskar addini, ki sani abin da kike nema ba kwaɗayi ba ne, haƙƙi ne. Sahabbai sun yi azalu, wato zubar da maniyyi a waje, a zamanin Annabi (SAW), hadisin Jabir a Bukhari da Muslim ya tabbatar da haka, shi ya sa malamai da yawa suka halatta tazarar haihuwa. Amma Imam Malik, wanda mazhabarsa muke bi a nan, ya faɗa a Muwaɗɗa cewa miji ba ya yi wa matarsa 'ya, wato wadda ba baiwa ba, azalu sai da izininta. Dalilin da malamai suka bayar ya haɗa da cewa ita ma tana da haƙƙi a samun ɗa. Ma'ana, ba shi da ikon yanke wannan hukunci shi kaɗai. Sai dai ki kula, sanin haƙƙinki ba zai sa ya so abin da ba ya so ba. Kina iya cin nasara a gaban malam, ki dawo gida ki tarar da miji ya juya miki baya.

Wannan ya kawo ni ga shawarar Mama da ta ƙawarki. Mama ba muguntar ki take nufi ba. Tana ganin shekarunki, tana jin abin da ake faɗa a gidan biki, tana tsoron kada wannan ya wuce wani bai zo ba. Kuma ta ga mazan da suka yi ta gunaguni, ranar suna suka fi kowa washe baki. Akwai irin su. Amma ni na ga ɗaya ɓangaren da idona. Wata maƙwabciyarmu ta yi daidai abin da ƙawarki ta ce, ta amsa da baki, ta riƙa jefa ƙwayoyin a masai. Ciki ya shiga. Mijin bai sake ta ba, bai zage ta ba, ya sayi rago, an yi suna. Ranar da na shiga barka, yana tsaye a bakin ƙofar ɗaki, gwaggonsa ta miƙa masa jaririn ta ce ga ɗanka, ya ce hannunsa da datti. Yaron nan ya girma ina kallo. In uban ya dawo daga kasuwa, 'ya'yan uwargida su ruga su rungume shi, shi kuwa sai ya tsaya jikin bango yana wasa da bakin rigarsa, yana jiran a kira shi. Uwar ta taɓa ce min, tana tankaɗe ba ta ɗago kai ba, tun ranar da ya gane abin da ta yi bai ƙara yarda da maganarta ba, ko canjin cefane sai ya ƙirga. Ɗan da bai san hawa ba bai san sauka ba shi ya biya bashin. Kuma a naki yanayin abin ya fi haka nauyi. In tsoron mutuwarki ne ke damun mutumin nan, kika ɗauki ciki ta bayan fage, kin jefa shi wata tara cikin abin da ya fi tsoro a duniya ba da shawararsa ba. Kada ki yi. Auren da aka fara da yaudara a kan gado ba ya rasa tsagewa.

Yanzu ga abin da nake so ki riƙe fiye da komai. Ku biyu ba a kan ma'auni ɗaya kuke ba. Shi yana da huɗu a hannu. In ya kai shekara 55 ya ji sha'awar jariri ta dawo masa, yana iya ƙaro aure ya haihu. Ke ba ki da wannan ƙofar. Ƙarfin ɗaukar ciki na mace yana fara raguwa a hankali daga farkon shekaru talatin, ya ƙara saurin sauka daga wajen 37, bayan 40 kuwa samun cikin kan yi wuya, ɓari ma ya fi yawa. Shi ya sa likitoci ke cewa mace ƙasa da 35 ta jira shekara guda tana tare da miji kafin ta je bincike, amma daga 35 wata shida kawai. A 33 ba ki makara ba ko kaɗan. Abin da ba ki da shi shi ne shekarun da za ki zubar a jiran wani ya sauya zuciya.

Mu ƙirga tare. Kin shiga a 33, kin ce bari in ba shi lokaci. Shekara uku kina lallashi, kin kai 36. Shekara guda ana kai ruwa rana, iyaye su sa baki, ki yi yaji a dawo da ke, 37. In ya ƙi saki, sai kul'i a kotun shari'a, ki mayar da sadaki, a yi ta ɗaga zama, sannan idda. In allurar wata uku kike yi, bayan dainawa jiki kan ɗauki watanni, wani lokaci har kusan shekara, kafin ya koma ɗaukar ciki. Kafin wani mijin ya fito a daidaita, kina 38 ko 39, kuma a lokacin kin shaƙu da yara huɗu da za a raba ki da su. Yau kuwa baiko ne kawai. Baiko alkawari ne, ba aure ba, babu saki babu idda. Abin da ke kanki shi ne mayar da abin da suka kawo, domin in fasawar daga wajen mace ta fito, abin da malaman Malikiyya da yawa suka rinjayar, kuma al'adarmu ta tafi a kai, shi ne a mayar. Magabatanki su ɗauki kuɗin gaisuwa su kai da mutunci kamar yadda aka kawo. Za a yi surutu a unguwa, a makarantarku ma za a yi ƙus-ƙus a ofishin malamai. Wata biyu ne, wani zancen zai taso. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Akwai wata magana da mutane ke jin kunyar faɗa, ni zan faɗa. Ya ce ki ɗauki yaransa naki, kuma renon marayu lada ne mai girma, ɗa na kowa ne. Amma shari'a ba ta mayar da ɗan miji ɗanki. Ba za su gaje ki ba, ba za ki gaje su ba. In ya riga ki rasuwa, rabonki tumuni ne, ɗaya bisa takwas, tunda yana da 'ya'ya. A ce gidan da kuke ciki shi ne duk abin da ya bari, kuma ya kai naira miliyan 16, naki miliyan 2 ne, in ya ƙara aure ku raba biyun. Bayan takaba, zamanki a gidan ya dogara ga kirkin yaran da dangin ubansu. Da yawa suna riƙe matar uba kamar uwa har ta mutu, na san irin su. Wasu kuwa ana gama rabon gado ake nuna mata hanya. Ba don gado ake haihuwa ba, amma macen da za ta sadaukar da haihuwarta ya kamata ta san a kan me take tsaye. In har kin zaɓi shiga a kan sharaɗinsa, kada ki bar aikinki, kuma ki mallaki wani abu da sunanki, ko fili ne.

Ba zan ɓoye miki ɗaya gefen ba. In kin fasa, ban da tabbacin da zan ba ki cewa wani zai fito, ko in ya fito za ki haihu. Allah Ya faɗa a Suratus Shura cewa Yana ba wanda Ya so mata, Ya ba wanda Ya so maza, Ya bar wanda Ya so ba haihuwa. Abin da za ki samu in kin fasa dama ce, ba ɗa ba. Kuma za ki rasa mutumin kirki, wanda ba kullum ake samu ba. Don haka ki zauna ke kaɗai bayan sallar dare ki hango kanki kina da shekara hamsin ta fuska biyu. A ta farko kina gidansa, yaran sun girma, ba ki haihu ba saboda ya hana. A ta biyu kin fasa, kin nema, Allah bai ba ki ba. Duka biyun babu ɗa. Wacce za ki iya ɗauka ba tare da kin riƙe wani a zuci ba? Mata da yawa suna iya haƙuri da abin da Allah Ya hana su, amma ba sa iya yafe wa mijin da ya hana su, sai abin ya riƙa fitowa a kan gishirin miya da kukan yara. Akwai kuma matan da in sun yi wa kansu gaskiya za su tarar son haihuwar na Mama ne da tsoron gorin dangi, su kansu reno ya ishe su. In ke ce wannan, ba laifi ba ne, ki shiga da zuciya ɗaya. Amma ke da kanki kika rubuta “ɗan cikina”, kuma ban ji kamar aron bakin wani kika yi ba.

Ga ra'ayina a fili. In makonni shida suka cika, kun je wajen likita, kin yi istihara, manya sun zauna, bai kawo lokaci da adadi a gaban shaidu ba, ki fasa. Kada ki ƙara wa'adi, domin wa'adi na biyu shi ke haifar da na uku. Kuma kada ki yi masa barazana da fasawar don ya sauko. Wanda ya amsa saboda tsoron rasa ki, ranar da ya same ki amsar ta tashi aiki. Ki faɗa masa sau ɗaya cikin ladabi cewa kin gode da gaskiyar da ya faɗa miki, ke ma ga taki: ba za ki iya rufe wannan ƙofa da hannunki ba.

In abin ya kai ga rabuwa, ki tuna da autar nan. Ta rasa uwa ba ta san ta ba, kada ta wayi gari ta ga ke ma kin ɓace ba bayani. Ki nemi izinin ubanta ki je sau ɗaya da rana, ki yi mata kitso in kin saba yi mata, ki gaya mata da kalmomin da za ta gane cewa Anti ba za ta riƙa zuwa kamar da ba, kuma ba don ta yi laifi ba ne. Manyan kuwa ki bar wa ubansu ya yi musu bayani. Bayan nan ki daina kiran waya don jin lafiyar yara, ko da kewarsu ta dame ki. In kina son sanin halin da suke ciki, ki tambayi gwaggonsu.